Goge abu daga hoton labari: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Kuskuren da ya fi yawa wurin masu ɗaukar hoton labarai shi ne zaton cewa duk abin da bai shafi labarin kai tsaye ba ana iya goge shi. A shekarar 2013, Narciso Contreras ya ɗaukar wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press hoton wani mayaƙi a Siriya, sai kyamarar bidiyon wani ɗan jarida ta fito a kusurwar ƙasa. Ya shafe ta, ya cike gurbin da duwatsun da ya kwafo daga cikin hoton. Bai taɓa mayaƙin ba, amma a watan Janairun 2014 kamfanin ya raba gari da shi, domin kyamarar nan shaida ce cewa akwai 'yan jarida a wurin, kuma mai kallo yana da haƙƙin ganin haka.

A ɗauka ruwan sama ya mamaye wani layi a Tudun Wada a nan Kaduna, mai hoto ya ɗauki wata uwa tana tsallaka ruwan da goyo, ga ledojin ruwa da robobi sun cunkushe bakin kwalbati a gefenta. Idan ya sa Content-Aware Fill, wato kayan aikin Photoshop da ke goge abu ya cike gurbinsa da kansa, ya share su don hoton ya yi tsaf, to ya share abin da wataƙila shi ne musabbabin ambaliyar, ya bar mai karatu yana ɗora wa ruwan sama laifi shi kaɗai. A ganina wannan yaudara ce, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Gyaran tun a wurin ɗauka ake yin sa: ya matsa gefe, ya durƙusa, ko ya jira abin da ya tsone masa ido ya wuce. In bai yiwu ba, ya bar shi.

Ƙara abu a hoto ma haka yake. A 2006 Reuters ta cire duk hotunan mai ɗaukar hoto Adnan Hajj daga rumbunta bayan an gano ya ninka hayaƙin da ke tashi a Beirut. Abin da ya tona asirin shi ne curin hayaƙi iri ɗaya da ke ta maimaituwa, kuma irin wannan alama edita zai nema, tare da inuwar da ta rage babu mai ita. Idan ya yi shakka, ya nemi asalin fayil na RAW, wato hoton yadda kyamara ta ɗauke shi kafin a gyara, da hotunan da aka ɗauka kafin wannan da bayansa.

An yarda a daidaita haske da launi daidai gwargwado, a cire ɗigon ƙurar da ke cikin kyamara, a kuma datse gefen hoto. Sai dai datsewa ma takan zama kuskure idan ta fitar da kwalbatin nan alhali labarin a kan toshewar magudanan ruwa yake. Inda kuma dole ta sa aka dusashe fuskar yaro don kare shi, a faɗi haka ƙarara a rubutun da ke ƙasan hoton.