Saƙon imel na farko ga kamfanin kaya a China

'Yan uwa 'yan kasuwa, saƙon da ya tsaya ga "a turo mini farashin kayanku" da wuya a amsa shi, domin irinsa na shigo musu kullum.

A layin take, rubuta sunan kayan da adadinsu: fitilar sola mai caji, guda 500, zuwa Najeriya. A cikin saƙon, layi biyu sun isa ka faɗi sunan shagonka, garinku, da shekarun da ka yi a harkar. Sai tambayoyi: nawa ne mafi ƙarancin odar da suke karɓa, wato MOQ, nawa ne farashin FOB, wato farashin kayan har a loda su a jirgin ruwa a China, kwana nawa haɗa kayan zai ɗauka, nawa ne kuɗin samfuri da na aiko shi. Ka ce kai za ka biya kuɗin samfurin. Wannan ne ke nuna da gaske kake.

Don Allah kada ka ce kwantena goma za ka saya alhali kwali ashirin kake nufi, ranar biya za su gane. Idan suka amsa da lambar asusun banki mai sunan mutum maimakon sunan kamfanin, ka dakata da tura kuɗi.