Darasi na Tara: Yadda Shugaba Zai Nuna Girman Aikinsa a Takardar Tarihin Aiki

Idan aka ce maka wane uban ƙasa ne, ba ka gama sanin girmansa ba sai ka tambayi ƙauyuka nawa ke ƙarƙashinsa. Haka kalmar manaja take. Mai kula da shago ɗaya a Babbar Kasuwar Sakkwato manaja ne, mai kula da ma'aikata ɗari biyar a masana'anta shi ma manaja ne. Wanda ke karanta takardarka bai san ko wanne ne kai ba.

A saman takardar tarihin aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi, akwai ɗan gajeren bayani na layi huɗu ko biyar. Nan mai ɗaukar aiki ke fara dubawa. Ga mai neman babban muƙami, amsar tambaya uku ake nema a wurin: mutum nawa ka jagoranta, kuɗi nawa aka damƙa maka, kuma wace magana ce ba ta yankewa sai da kai.

Na san abin da wasu za su ce: yabon kai jahilci. Gaskiya ne. Amma wanda ya rubuta "ni haziƙin shugaba ne mai hangen nesa" shi ya yabi kansa. Wanda ya rubuta "ma'aikata 38" ya faɗi abin da za a iya zuwa a ƙirga.

Za mu bi misalin mutum ɗaya har ƙarshen darasi. Mu ƙaddara manajan ayyuka ne a wani kamfanin casar shinkafa a wajen garin Sakkwato, yana neman muƙamin babban manaja a wani kamfani. Alkaluman duka na misali ne, don koyo. Ga abin da ya fara kawowa aji:

"Gogaggen manaja mai shekara 11 a aiki. Na jagoranci ma'aikata da yawa, na kula da kuɗaɗe masu yawa, na kawo ci gaba a kamfani."

Babu ƙarya a ciki. Sai dai mai shago ɗaya ma zai iya rubuta wannan ba tare da ya canza kalma ba.

Mutum nawa?

Malamin aji ya tambaye shi yawan mutanensa. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in anka haɗa da lebura mun kai ɗari."

Malam ya ce, "Alhaji, a cikin ɗarin nan, su wa ke shigowa ofishinka su ba ka rahoto baki da baki?"

Sai ya ƙirga da yatsa: mai kula da sito, shugaban injiniyoyi, mai sayen shanshera, shugaban direbobi, da mai duba ingancin shinkafa. Mutum biyar ke nan. Waɗannan su ne na kai tsaye. Shi ke ba su aiki, shi ke ba su hutu, shi ke rubuta rahoton ƙwazonsu a ƙarshen shekara. A ƙarƙashin biyar ɗin akwai mutum 33 masu albashin wata. Idan aka haɗa, ma'aikatan dindindin 38 ne. Sauran 60 lebura ne da ake ɗauka lokacin kaka, ana biyan su kullum, bayan wata uku kowa ya kama gabansa.

To lamba uku ce, kuma kowace tana ba da labarinta. Biyar ɗin sun nuna cewa shi shugaban shugabanni ne, abin da ake nema ke nan ga babban muƙami. Talatin da takwas sun nuna nauyin da ke kansa kullum. Sittin sun nuna ya iya riƙe aiki idan ya kumbura. In ya dunƙule su ya ce "mutum 100", ranar ganawa za a ce ya zana yadda sassan suke, lissafin ya ƙi fita, daga nan sai a fara shakkar sauran takardar. Abin da zai rubuta shi ne: "Ma'aikata 38 ta hannun shugabannin sashe 5, da lebura har 60 lokacin kaka."

Kada ka saka wanda ba ka da iko a kansa. Akantan kamfanin kullum suna tare, amma ga mai kamfani yake kai rahoto, don haka ba ya cikin lissafi.

Kuɗi nawa?

A nan mutane suka fi zamewa, sau da yawa ba da niyya ba. Da aka tambayi manajanmu, sai ya ce kamfanin na yin cinikin naira biliyan 1 da miliyan 200 a shekara. Wannan kuɗin kamfani ne. Sashen sayarwa ke kawo su, kuma sashen ba a hannunsa yake ba.

Kasafinka shi ne kuɗin da kai ka tsara yadda za a kashe, kuma kai za a kira idan an wuce iyaka. Da ya zauna da takardun 2024, ga abin da ya fito: naira miliyan 400 na sayen shanshera, miliyan 50 na man dizil, miliyan 30 na gyaran injuna da motoci. Jimilla miliyan 480. Albashi ba ya ciki, domin ofishin akanta ke tsara shi. Miliyan 480 bai kai rabin biliyan 1.2 ba, amma shi ne nasa, kuma zai iya bayanin kowane kashi ko an tashe shi daga barci.

Akwai lamba ta biyu da masu ɗaukar aiki ke so su ji, wato iyakar sa hannu. Manajanmu na iya amincewa da biyan kuɗi har naira miliyan 5 shi kaɗai. Abin da ya haura haka sai mai kamfani ya sa hannu. Wasu na jin kunyar faɗin wannan, suna ganin ya yi kaɗan. Ni ina ganin ita ce lambar da ta fi nuna amanar da aka ba mutum, domin kasafi a takarda yake, sa hannu kuwa shi ke fitar da kuɗi daga banki.

Ka riƙa sa shekara kusa da kuɗin. A 2023 an janye tallafin man fetur, an kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta faɗi ƙwarai. Wanda ya riƙe miliyan 200 a 2019 ya riƙe aiki mafi girma fiye da mai miliyan 200 a 2024. In babu shekara, mai karatu ba zai iya aunawa ba.

Idan kuɗin sirrin kamfani ne, kada ka tona. Ka ce "sama da naira miliyan 450", ko ka faɗi kason, misali "kashi biyu cikin uku na kuɗin da kamfani ke kashewa", in haka ne gaskiyar.

Ma'aikacin gwamnati kuma ya kula. Kasafin ma'aikata gaba ɗaya ba na darakta ba ne, Babban Sakatare ne ke amsa tambaya a kansa. Darakta ya rubuta abin da aka ware wa sashensa. In abin da aka saki bai kai abin da aka ware ba, wanda aka saki shi ne ya riƙe.

Wace magana ce taka?

Mu Hausawa "mun yi" muka saba cewa, ko da mutum ɗaya ne ya yi. Manajanmu ya ce, "Mu munka daina sayen shanshera hannun dillalai."

Malam ya ce, "Su wa ke nan, Alhaji? Da abin ya ɓaci, wa za a kama?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni."

Wannan ita ce hanyar ganewa. Hukuncin da za a tuhume ka in ya lalace, naka ne in ya yi kyau. A da dillalai ke kawo wa kamfani shanshera har ƙofa. Shi ya yanke cewa a tura motoci Goronyo da Wurno a saya hannun manoma. Akwai kasada a ciki: kuɗin mota, matsalar hanya, da yiwuwar a haɗu da shinkafa mai danshi. Ba wanda ya umarce shi, ya dai sanar da mai kamfani. Bayan an cire kuɗin mota da lodi, kowane buhu ya sauko da naira 1,500. A buhu 8,000, an tsira da naira miliyan 12.

Ya kuma so ya rubuta cewa shi ya sayo sabon injin casa. Da aka bi diddigi, shi ya kawo shawarar, ya tattaro farashi daga kamfanoni uku, amma kwamitin daraktoci ne ya yanke. Wannan ma aiki ne mai daraja, a rubuta shi da sunansa na gaskiya. Kalmomin ba ɗaya ba ne. "Na yanke" na nufin magana ta ƙare a kanka. "Na ba da shawara" na nufin wani ya yanke bayan ya saurare ka. "Na aiwatar" na nufin an yanke, kai ka zartar. Kamfanoni kan buga wa tsohon maigidan mutum waya kafin su ba shi babban muƙami. Idan maigida ya ce "ai ni na sayi injin nan", kalma ɗaya ta ja wa mai nema asarar aikin.

Hukunci biyu sun isa. Zaɓi wanda ya shafi kuɗi da wanda ya shafi mutane, kamar ikon ɗauka da sallama.

Ga yadda bayaninsa ya koma:

"Manajan ayyuka a kamfanin casar shinkafa a Sakkwato, shekara 11. Ina jagorantar ma'aikata 38 ta hannun shugabannin sashe 5, da lebura har 60 lokacin kaka. Ina riƙe da kasafin naira miliyan 480 (2024) na shanshera, dizil da gyara, da ikon sa hannu har miliyan 5. Na yanke a koma sayen shanshera kai tsaye daga manoman Goronyo da Wurno, wanda ya rage kashe kuɗi da naira miliyan 12 a shekara ɗaya. Ni ke ɗauka da sallamar ma'aikatan da ke ƙasa da shugabannin sashe. Na ba kwamitin daraktoci shawarar sayen sabon injin casa, kuma na aiwatar da kafa shi."

Yawancin kamfanoni da Turanci suke son takardar. Ka fara tsara ta da Hausa yadda muka yi. In za ka kai shagon kwamfuta a juya maka, ka zauna kusa da mai bugawa, ka sa ya karanta maka ya fassara layi-layi. Yaran shagon kan so su ƙawata takarda, sai su mai da "na ba da shawara" ta zama "na yanke", ko su cika 38 ta zama 40. Kai za ka zauna gaban masu tambaya, don haka kada ka bari.

Aikin gida

Ɗauki takarda ka raba ta gida uku. A gida na farko rubuta sunayen muƙaman waɗanda ke ba ka rahoto kai tsaye, sannan yawan na ƙarƙashinsu, ka ware na dindindin da na wucin gadi. A na biyu rubuta kuɗin da za a tambaye ka in sun salwanta, da shekarar, da iyakar sa hannunka. A na uku rubuta hukunci biyar da aka yi a wurin aikinka bara, ka sa ɗaya daga cikin kalmomi ukun nan a gaban kowanne: na yanke, na ba da shawara, na aiwatar. Ko ƙungiyar manoma kake shugabanta ko makarantar Islamiyya, aikin ɗaya ne. Ka zo da takardar mako mai zuwa, abokin zamanka zai yi maka tambayoyin da Malam ya yi wa Alhaji.