Kurakuran da aka fi yi wajen sauya jami'a a Najeriya, da yadda ake gyara su

Babban kuskure shi ne ɗalibi ya daina zuwa aji tun takardar karɓa ba ta shiga hannunsa ba. Shugaban sashe a sabuwar jami'a ya ce masa "babu damuwa, akwai gurbi", sai ya kwashe kayansa daga hostel, ya ƙi yin rajistar sabon zango. Maganar shugaban sashe shawara ce kawai. Fayil zai bi ta sashe, ya je tsangaya, ya je kwamitin ɗaukar ɗalibai, sannan majalisar jami'a ta amince, sai magatakarda ya rubuta takarda. Wannan zagaye yakan ci watanni. In aka ƙi, ga shi a can tsohuwar makaranta an rubuta masa bai halarta ba, a wasu wuraren ma kwasa-kwasan da bai rubuta ba sun zama F. Gyaran shi ne ka ci gaba da rajista da jarrabawa a inda kake har ranar da takarda mai sa hannun magatakarda ta iso.

Daga nan sai tsarin sa hannu. Taransifa, wato sauya jami'a, tana bukatar yardar magatakarda biyu, kuma kowa da abin da yake tabbatarwa. Na tsohuwar jami'a yana shaida cewa kai ɗalibinsu ne, ba korarre ba, ba wanda aka dakatar ba, babu shari'ar satar amsa a kanka, kuma sun yarda su sake ka. Na sabuwar yana shaida cewa akwai gurbi kuma majalisa ta karɓe ka. Galibi fom ɗin daga jami'ar da za ka koma ake saye, a cike, a kai wa shugaban sashenka na yanzu da shugaban tsangaya da magatakarda su sa hannu da hatimi. Masu gaggawa kan tsaya a hannun shugaban sashe su tsallake ofishin magatakarda, sai fom ya dawo musu bayan sati shida. Kafin ka nemi sa hannun ƙarshe, ka biya bashin kuɗin makaranta, ka mayar da littafin laburare, domin sisin kwabo ɗaya da ake binka zai iya riƙe fayil. Kuma ka lura, neman a sake ka daban, rubuta takardar janyewa daga karatu daban. Wanda ya janye ya daina zama ɗalibi, taransifa kuwa ta ɗalibi ce.

Takardar sakamako, wato tiranskirif, ita ma ana yawan tuntuɓe a kanta. Wadda ka buga daga fotal ba ta aiki. Ofishin magatakarda ne zai aika ta kai tsaye zuwa ga takwaransa, a rufe ko ta hanyar intanet ta hukuma. Ka nemi lambar aikawa da rana, ka bi sawu. In akwai kwas da sakamakonsa bai fito ba, a gyara kafin a aika, domin ba za a lissafa abin da babu maki a gabansa ba.

Inda aka fi shan mamaki shi ne lissafin yunit. Ɗalibi yana ƙirga shekaru: na gama aji biyu, saboda haka aji uku zan shiga. Kwamiti kuwa kwas-kwas yake dubawa. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a mako har tsawon mako 15, kuma ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita ce digirin shekara huɗu ba ya gaza yunit 120, kodayake sassa da yawa suna neman fiye da haka. A zango ɗaya ana yin rajistar yunit 15 zuwa 24.

Mu ɗauki ɗalibar nazarin tattalin arziki da ta yi rajistar yunit 36 a aji ɗaya da 38 a aji biyu, jimla 74. Tana da kwas mai yunit 3 da ta faɗi, an cire shi, saura 71. Tana da biyu masu yunit bibbiyu da ta samu D, wato maki 45 zuwa 49. In dokar sabuwar jami'a ta ce daga C ake karɓa, 4 sun tafi, saura 67. Akwai kwasa-kwasan zaɓi huɗu, yunit 8, da babu makamancinsu a manhajar sabon sashe, saura 59. Sai wani kwas na ƙididdiga da ta yi a yunit 2, alhali a nan yunit 3 ne kuma ya haɗa da darussan da ba ta taɓa ba, sai an sake. An tsaya a 57. In 120 ake nema, saura mata 63.

A lissafin alƙalami 63 za su shiga zango uku. Ba haka abin yake ba, domin ƙa'idar NUC ta ce wanda ya yi taransifa ba zai yi ƙasa da zango huɗu ba a jami'ar da za ta ba shi digiri. Ga kuma kwasa-kwasan dole na aji biyu da ake binta. In yunit 12 ne, a raba 6 a kowane zango a ɗora kan 18 na aji uku, ya cika 24 cif, ba wurin ko da kwas ɗaya da za a faɗi. In sun haura haka, ko kuwa ɗaya daga ciki sharaɗi ne na ɗaukar wani kwas na aji uku, aji biyu za a mayar da ita. A ganinmu, sau da yawa wannan ya fi mata alheri da ɗaukar kayan da zai karya mata CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ta yi.

Wasu daga cikin yunit ɗin da ake zubarwa ana iya ceto su. Tiranskirif suna da lamba da maki kawai take nunawa, ba ta faɗin abin da aka koyar. Ka haɗa da kwafin littafin sashe mai bayanin kowane kwas, da hatimin shugaban sashe, domin kwas biyu kan bambanta a suna su yi daidai a ciki. Ka kuma tambaya a rubuce: tsofaffin makina za su shiga CGPA, ko yafe mini kwasa-kwasan kawai za a yi a fara lissafi daga sifili? Jami'o'i sun bambanta a nan, kuma amsar ce za ta nuna matakin digirin da kake iya kaiwa.

Kada a manta da takardun sakandare. Sabon sashe zai duba kiredit biyar ɗinka da darussan JAMB kamar sabon shiga. A likitanci da lauya kuma akwai adadin da hukumomin sana'ar suka ƙayyade wa kowace jami'a, in ya cika, komai kyan sakamako babu gurbi.

Akwai kuskuren da ba ya nuna kansa sai bayan an gama digiri, wato barin bayanan JAMB a kan tsohuwar jami'a. NYSC tana dogara da jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, in sunanka yana maƙale da wata makaranta daban, takardar kiran bautar ƙasa ba za ta fito ba. Da zarar ka yi rajista, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambayi yadda za a shigar da taransifarka a JAMB, ka bi ta har ƙarshe, sannan ka buga sabuwar takardar gurbi ka duba sunan jami'a da na kwas da idonka.