Yadda ake rubuta wa malamai memon sabon tsarin CA da ranakun miƙa maki

Shekarar da aka ɗora min ofishin jarabawa a makarantarmu, memo na farko da na fitar layi uku ne kacal, na ce an canja tsarin CA, wato makin tes da ayyukan cikin zango, daga 30 zuwa 40, kowa ya kawo makinsa da wuri. Wallahi ranar haɗa sakamako sai ga malamin lissafi da maki kan 40, malamar Hausa da nata kan 30, wani kuma ya yi tes ɗaya kan 20 ya ninka shi biyu, muka kwana biyu muna gyara abin da takarda guda da ta kare. Laifina ne, don "da wuri" ba rana ba ce. To ga yadda nake yi yanzu.

Da farko, kafin ka rubuta komai ɗauko kalandar zangon ka fara ƙirga daga ƙarshe. A ce an koma makaranta Litinin 15 ga Satumba, zango na sati 13, za a ba yara rifot Juma'a 12 ga Disamba. Firinsifal na buƙatar kwana biyu na sa hannu, wato Laraba da Alhamis. Fom masta na buƙatar Litinin da Talata ya cike rifot ɗin ajinsa ya fidda matsayi. Kaga kenan dole duk maki ya shigo hannun shugabannin sashe Alhamis 4 ga Disamba, don a samu Juma'a a duba kurakurai. Daga nan sai ka tambayi kanka yaushe jarabawa za ta ƙare, kuma anan ne yawancinmu ke zaluntar malamai ba da sani ba. Malamin da ke da aji huɗu, kowane aji yara 60, takardu 240 ne a gabansa, in yana duba takardu 40 a rana bayan ya tashi aiki kwana shida zai yi. Saboda haka jarabawa ta ƙare Juma'a 28 ga Nuwamba. In ka ba shi kwana biyu to ka sani ba zai karanta amsoshin ba, zai kalli rubutu ne kawai ya yanka maki.

Kuma kada ka sa wa'adi ranar Juma'a, ana tashi da wuri don masallaci, rabin malamai za su ce sun zo sun tarar da ofis a kulle. Alhamis ƙarfe 12 na rana ta fi.

Na biyu, ka zauna da mataimakin firinsifal mai kula da karatu da shugabannin sashe ku tsayar da rabon makin kafin a buga. In umarnin daga ma'aikatar ilimi ya zo, ka riƙe lambar takardar da ranarta ka ambata a memon, don kada a ɗauka ra'ayinka ne. Mu abin da muka tsayar shi ne tes na ɗaya 10, tes na biyu 10, aikin gida 10, aikin aji ko firaktikal 10, jarabawa 60. Ka rubuta tsohon tsarin kusa da sabon, domin malamin da ya shekara goma yana yin 30 da 70 hannunsa ya riga ya saba.

Na uku, rubutun kansa. Ko da Turanci za ka fitar, kamar yadda akasarin makarantu ke yi, ginin ɗaya ne. A sama ka sa daga wa, zuwa ga wa, kwanan wata, sai kan magana. Sakin farko ya faɗi abin da ya canja kai tsaye, ba sai an yi doguwar shimfiɗa kan amfanin ilimi ba, malamai a tsaye suke karantawa tsakanin firiyod da firiyod. Ga kamar yadda nawa yake:

"Daga wannan zangon CA ya koma maki 40, jarabawa 60, maimakon 30 da 70. Za a yi tes na ɗaya a sati na 4, a miƙa makinsa ga shugaban sashe zuwa Alhamis 16 ga Oktoba ƙarfe 12 na rana. Tes na biyu a sati na 8, a miƙa shi tare da makin aikin gida da na aikin aji zuwa Alhamis 13 ga Nuwamba. Makin jarabawa zuwa Alhamis 4 ga Disamba. Shugaban sashe zai duba ya sa hannu ya kai ofishin jarabawa washegari da safe."

Ka lura kowane wa'adi yana da sunan rana da kwanan wata da lokaci da hannun wanda za a ba. Kuma don Allah ka duba kalanda sau biyu, in ranar da kwanan watan suka saɓa kowa zai zaɓi wanda ya fi masa nisa. Dalilin da ya sa nake karɓar CA kashi-kashi tun kafin jarabawa kuwa shi ne, in aka bari sai ƙarshe wasu za su dubi makin jarabawar yaro su ƙirƙira masa CA. Kana iya gane haka, za ka ga aji guda kowa 7 ko 8, babu mai 2 babu mai 10.

Na huɗu, ƙananan tambayoyin da in ba ka amsa ba kowa zai amsa wa kansa. Wanda ya yi tes kan 20 ya raba biyu, yaron da ya ci 13 ya zama 6.5, to a memon ka faɗa ko a bar rabin ko a cike zuwa 7. Ni na fi son a bar shi har sai an haɗa jimilla sannan a cike sau ɗaya, don in aka cike a gurbi huɗu yaro na iya samun maki 2 na banza, kuma maki 2 ya isa ya tsallakar da shi daga 38 zuwa 40. Sai yaron da bai zo tes ba, a rubuta masa `ABS`, kada a sa sifiri kada kuma a bar gurbin fayau, sifiri na wanda ya zauna bai ci komai ba ne. In rashin lafiya ce kuma iyaye sun sanar, a faɗi cikin kwana nawa za a sake masa. In da Excel kuke aiki ka raba fayil guda mai sunayen yara da lambobinsu a jere, jimillar CA ta fita da `=SUM(C2:F2)`, wannan yana tsallake `ABS` ba ya rikicewa, kuma ka hana kowa sauya jerin sunayen, don layi ɗaya in ya goce makin aji gabaɗaya ya koma kan wasu. Ga malaman babbar sakandare ka ƙara musu layi ɗaya cewa WAEC na karɓar makin CA na ɗaliban da za su zauna jarabawarta, saboda haka a adana takardun.

Maganar wanda ya makara, ka rubuta abin da ka san firinsifal zai aiwatar kawai, misali za a kai masa sunayen da ba su kawo ba washegari. In ka yi barazanar kweri kuma ba a ba kowa ba, zango mai zuwa ba mai kallon takardarka.

Na ƙarshe, rabawa. Firinsifal ya sa hannu, a fitar tun satin farko, a manna ɗaya a allon sitaf rum, a tura hotonsa a guruf ɗin WhatsApp, sannan masinja ya zaga da kwafi da takardar sunaye kowa ya sa hannu da kwanan wata cewa ya gani. Kada a manta da 'yan bautar ƙasa da malaman wucin gadi, su ne galibi ba sa cikin guruf ɗin kuma ba kullum suke shigowa ba, nasu kwafin a hannu nake ba su. Saura kwana uku kowane wa'adi sai in tura tunatarwa ta layi biyu mai ɗauke da rana da lokaci.