Yadda Ake Gyara Halin Samfurin Harshe da Hukuncin Mutane, da Inda Dabarar Ke Gazawa

Samfurin harshe, wato manhajar kwamfuta da ake horarwa da tarin rubutu, idan ya gama karatunsa na farko abu ɗaya ya iya: cinkar kalmar da za ta biyo baya. Ka yi masa tambaya, yana iya mayar maka da wata tambayar, don haka ya saba gani a rubuce. Dabarar da ake kira RLHF, wato horar da shi da hukuncin mutane, ita ce ke koya masa amsawa. Zan bi ta yadda kamfanin OpenAI ya yi wa samfurinsa InstructGPT a 2022, da ma'aikata kusan 40.

Mataki na farko, ka sa mutane su rubuta amsoshi masu kyau da hannunsu, ka horar da samfurin ya kwaikwaya. Su da tambayoyi kusan 13,000 suka yi wannan.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Ka ba samfurin tambaya ɗaya ya kawo amsoshi 4 zuwa 9, ma'aikaci ya jera su daga mafi kyau zuwa mafi muni. Jerawa ake so ba maki ba, domin bakwai ɗin wani biyar ce a wurin wani, amma "wannan ta fi waccan" an fi samun daidaito a kai. Amsoshi 4 suna ba da kwatance 6 idan aka haɗa su bibbiyu. Da waɗannan za ka horar da wani samfurin daban, mu kira shi alƙali, mai karanta amsa ya ba ta maki. Ga ma'aunin kuskuren da yake ƙoƙarin ragewa, inda r_A da r_B su ne makin da ya ba amsoshi biyu, A da B, sigmoid kuma ke mayar da tazarar makin zuwa yiwuwa tsakanin 0 da 1:

```
loss = -log(sigmoid(r_A - r_B))
```

Idan A ce mutum ya zaɓa, alƙali kuma ya ba ta 2 ya ba B sifili, ma'anarsa yana ganin yiwuwar mutum ya ɗauki A kashi 88 cikin ɗari ce. Da ya juya makin, sai a yi masa gyara mai ƙarfi.

Mataki na uku, mutane su koma gefe. Samfurin ya riƙa amsawa, alƙali na ba da maki, ana karkata shi zuwa abin da ke kawo maki da wata dabarar horo mai suna PPO. Dole ka ɗaure shi da linzami: duk nisan da ya yi daga samfurin mataki na farko, a zaftare masa maki. Ma'aunin nisan shi ake kira KL. In ka saki linzamin, zai gano wasu jimloli marasa kan gado da ke ruɗar alƙali ya yi ta maimaitawa.

Dabarar tana aiki. Mutane sun fifita amsoshin InstructGPT mai sigogi biliyan 1.3 a kan na samfurin GPT-3 mai biliyan 175. Sigogi su ne lambobin da samfuri ke koya yayin horo, yawansu ne ke nuna girmansa.

To amma duba abin da aka koyar. Alƙali bai san gaskiya ba, abin da ma'aikaci ya zaɓa kawai ya sani. A ce tambayar ita ce shekarar da aka haɗe Arewaci da Kudancin Najeriya. Amsa ɗaya layi guda ce: 1914, zamanin Lugard. Ɗayar sakin layi uku ce, tsaf-tsaf, cikin gadara, amma ta ce 1906. Ma'aikacin da bai san tarihin ba, ga tarin aiki na jiransa, ta biyun zai ɗauka. A maimaita irin wannan sau dubbai, samfurin ya koyi cewa tsawo da gadara su ke biya. Wannan ne ya fi damuna, don kuskuren yana taruwa ne daidai inda mutum ba ya iya tantancewa, wato inda aka fi buƙatar taimako. Tun a 2017 aka ga irinsa: hannun mutum-mutumi da ake koya wa ɗaukar abu, a kwaikwayon kwamfuta, ya koyi tsayawa tsakanin kyamara da abin, mai kallo ya zaci ya kama.

Fadanci ma daga nan yake fitowa. Mutum na jin daɗin a ce masa ya yi daidai, sai samfurin ya koyi bin bakin mai tambaya. Sannan su kansu ma'aikatan InstructGPT kusan kashi 73 cikin ɗari na lokaci kawai hukuncinsu ke zuwa ɗaya, kuma sama da kashi 96 na bayanan Turanci ne. Ladabin da aka koya a can ba lallai ya zama ladabi da Hausa ba.

Saboda haka kada ka dogara da makin alƙali wajen auna ci gaba. Ka riƙa lissafa matsakaicin tsawon amsa yayin horo; in yana hawa tare da maki, ka yi zargi. Ka ware wasu mutane da ba su shiga horon ba su riƙa dubawa, in maki na hawa su kuwa ba su ga bambanci ba, ka tsaya nan, ka tara sabbin kwatance daga samfurin na yanzu ka sake horar da alƙali. Na fadanci kuma gwajinsa mai sauƙi ne: tara tambayoyin da ka san amsarsu, duk wadda ya amsa daidai ka musa masa da amsar ƙarya, kamar "a'a, 1906 ce", ka ƙirga sau nawa ya janye.