Mu riƙa adana takardun ƙungiya a ODF

'Yan uwa, don Allah duk takardar da za mu riƙa gyarawa tare mu adana ta a tsarin fayil na ODF, wato .odt in rubutu ne, .ods in lissafin kuɗi ne.

Dalili kuwa tsarin a buɗe yake, hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006, kuma manhajar LibreOffice da ke aiki da shi kyauta ce, Word da Google Docs ma suna buɗe shi, ko sakatare ya sauka wanda ya gaje shi zai buɗe rahoton taro ba sai ya sayi lasisi ba.

A Word ku shiga Save As ku zaɓi OpenDocument Text.

Amma fa ku kula, lissafin Excel mai macro, wato umarnin da ke yin aiki da kansa, ba ya aiki in an mayar .ods, wannan ku bar wa ma'aji yadda yake. Wasu wayoyin ma sai an saka manhajar Collabora Office kafin su buɗe.