Kurakuran da Ake Yi Wajen Miƙa wa Ɗa Ragamar Shago

A kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, ba abin mamaki ba ne a sami saurayin da ya shekara goma a shagon mahaifinsa, ya iya bambance atamfa mai kyau da ta jabu da taɓawar hannu kawai, amma bai san nawa aka saro turmi ɗaya ba. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa. Ana barin yaro yana buɗe shago, yana jera kaya, yana zuwa aike, sai a ɗauka cewa yana koyon kasuwanci, alhali aikin yaron shago kawai ya koya. Mai shago ana gane shi ne da hukunci uku, wato farashin da za a sallama kaya, abin da za a saro, da wanda za a ba bashi, kuma a wannan jerin ya kamata a miƙa su.

Farashi ne ya fi sauƙi. A gaya masa kuɗin sari na gaskiya, a haɗa da kuɗin dako da na mota, sannan a yanka masa iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Inda iyaye suke ɓata lamarin shi ne warware maganar yaro a gaban mai saye. Idan ya ce bai sallama ba, sai mai sayen ya juya ya ce, "Alhaji, ka sa baki mana," Alhaji kuma ya rage ɗari biyar, to daga ranar duk layin ya gane cewa maganar yaron ba ta da nauyi, kuma kowa zai riƙa cewa zai jira Baba ya dawo daga masallaci. Amsar da ta dace ita ce, "Abin da ya faɗa shi ke nan," gyara kuwa sai an rufe shago.

Sari ya fi buƙatar haƙuri, domin ba a koyonsa sai da kuɗin da za a iya asara. A ce kafin azumi an ware masa naira miliyan 2, ya zaɓi zanen da ransa ya kwanta da shi, ya saro turmi 200 a kan naira 10,000 kowanne. Bayan Sallah aka zauna lissafi, aka tarar ya sayar da 150 a kan 11,500, saura 50 sun yi kwantai. Shi yana ganin ya ci ribar naira 225,000, amma aikin uban shi ne ya nuna masa cewa naira 500,000 na uwar kuɗi suna kwance a kan kanta, kuma zanen da yayinsa ya wuce ba ya ƙara daraja. Idan aka karya su a kan 9,000, ribar ta koma 175,000. A bar shi ya yanke da kansa ko zai karyar ko zai jira Babbar Sallah. Wasu iyayen daga wannan kwantai na farko suke ƙwace sarin gaba ɗaya, kuma a ganina wannan rashin adalci ne, domin da wuya a sami ɗan kasuwar da bai taɓa saro abin da ya ƙi tafiya ba. Abin dubawa shi ne ko kwantansa yana raguwa daga wannan Sallah zuwa waccan.

Bashi ne na ƙarshe, saboda ya dogara ga sanin mutane. Yawancin tsofaffin 'yan kasuwa a ka suke riƙe wanda yake biya da wanda sai an yi ta sintiri, don haka wajibi ne a mayar da wannan sani cikin littafi, a sa wa yaron iyakar adadin da zai iya bayarwa ba tare da shawara ba. Haka kuma a kai shi wurin dilolin da suke ba shagon kaya, a gabatar da shi baki da baki, domin amanar da suka yi wa uba ba ta gangarowa kan ɗa da kanta.

Akwai kuma batun da kunya take hana faɗa. Ɗan da ba a yanka masa albashi ko kaso daga riba ba, dole hannunsa ya riƙa shiga aljihun tebur, kuma lissafi ba zai taɓa daidaita ba. Sannan riƙon shago daban, mallakarsa daban. Idan uba ya rasu, jarin ya zama gadon dukkan magada, har da matansa da 'ya'yansa mata, ko da ɗa guda ne ya yi wahalarsa. Saboda haka a tara iyali tun uban yana da lafiya, a ƙirga kaya da basussuka kamar yadda ake yi lokacin fitar da zakka, a rubuta a gaban shaidu abin da yake na shago da abin da yaron ya tara da guminsa.